Wanduna huɗu daga hannun mutum ɗaya: butkot ɗin ne ya ɓata lissafi

Ga masu tambayar ko wandunan da ake tallatawa a waya nan Gusau sun kai yadda suke a hoto, na karɓi guda huɗu daga hannun mai kaya ɗaya, duka ƙugu 34, na sa su wata biyu, kowanne ya sha wanki aƙalla sau huɗu. Akwai sitiret, akwai mai tsukewar ƙasa wanda muke haɗawa duka mu ce fensir, akwai butkot, sai buje mai faɗi tun daga sama. A ganin farko yadin ba laifi, zif bai ba da matsala ba, kuma da a lokacin da aka kawo su aka tambaye ni da na ce a saya ido rufe.

Kafin in sa ko ɗaya sai da na shimfiɗa su na bi da tef, don sunan da ke jikin leda ba ya gaya maka komai. Wuri uku ake aunawa a ƙafar wando: cinya daidai ƙasan hantsa, gwiwa, da bakin ƙasa. A auna a shimfiɗe, a ninka biyu, shi ne zagaye irin wanda tela ke rubutawa a littafinsa. Abin da ya raba wannan yanka da wancan yawanci yana tsakanin awon gwiwa da na ƙasa.

Sitiret ɗin cinya inci 24, gwiwa 17 da rabi, ƙasa 17. Ka ga ke nan daga gwiwa zuwa ƙasa kusan miƙe yake kamar bututu. A jiki ba ya nuna siffar ƙwauri, ba ya kama ko'ina, yana sauka ya ɗan kwanta a kan takalmi sau ɗaya. Ya shiga da kambas, ya shiga da sau-ciki, har da silifas bai yi muni ba. Wannan ba ni da ƙorafi a kansa, a lokacin dai.

Butkot ɗin shi ne na fi ɗoki, shi ne kuma ya ƙona min rai. Yadda yankan yake a ƙa'ida, wando ne da ke bin cinya, ya ɗan tsuke a gwiwa, sannan ya buɗe a hankali har ƙasa, buɗewar da ba ta wuce inci biyu zuwa huɗu a zagaye ba. An yi shi ne don bakin ya rufe wuyan takalmi mai tudu ba tare da ya tattare ba. Kyansa a ido shi ne mai kauri a ƙugu da cinya yana samun daidaito, saboda faɗin ƙasa yana amsa faɗin sama, ƙafa kuma ta yi kamar ta ƙara tsawo. Wannan da aka kawo awonsa daidai ne: cinya 23, gwiwa 16, ƙasa 19 da rabi. A shimfiɗe kan tabarma abin sha'awa.

Matsalar tsawo ce. An ce min 34/30 ne, wato ƙugu 34, tsawon ciki daga hantsa zuwa ƙasa 30. Da na auna sai na samu 34. Da na yi magana, amsar da aka ba ni ita ce, “Haba Alhaji, ai inci huɗu ne kawai, tela zai rage maka.” A sitiret wannan magana gaskiya ce, ka yanke inci huɗu ko shida, siffarsa tana nan. A butkot ba haka ba ne, kuma duk mai sayar da shi ya kamata ya san dalili.

Mai yanka yana sa layin gwiwa ne kusan inci biyu sama da tsakiyar tsawon ciki. Wando mai tsawon 34 gwiwarsa tana wajen inci 15 daga hantsa. Mutum mai tsawon ciki 30 tasa gwiwar tana wajen 13. To idan aka datse ƙasa, wurin tsukewar ba ya hawowa, yana nan inda aka yanka shi, inci biyu ƙasa da gwiwar mai wando. Sai wuri mafi matsi ya faɗa a saman dambubu, inda ƙafa ta fara kauri, gwiwa kuma ta zauna cikin wuri mai faɗi, yadin ya riƙa yin jaka a kanta. Ga shi inci huɗun da aka cire su ne mafi faɗi a duk ƙafar. Bayan kalmasa na sake aunawa, ƙasa ya koma 18 da kwata. Abin da ya rage ba sitiret ba ne, ba butkot ba ne. In ka tsaya gaban madubi sai ka ga kamar wandon wani dogo ka aro.

Ana iya gyarawa, amma ba a teburin mai faci na bakin titi ba. Sai an warware ɗinkin ciki da na gefe duka, a ɗaga tsukewar sama da inci biyu, a ci daidai wa daida daga kowane ɓangare, rabin inci nan rabin inci can. In aka ci daga gefe ɗaya kawai don gudun wahalar warware ɗinkin cikin jins mai layi biyu, ƙafar za ta karkace, karin guga ya bar tsakiya. Kuma ko an yi aikin da kyau, faɗin da almakashi ya ci ba ya dawowa.

Wani abin da ba a faɗa wa masu saye a nan shi ne, butkot wando ne da ke son tsawo. Sai bayan ya kusa taɓa ƙasa da kamar rabin inci, ya rufe diddigen takalmi, sannan yake fitowa. Mu kuwa da yawanmu wando a idon sawu yake tsayawa ko sama da shi, kuma rabin yini cikin silifas muke, mu cire a ƙofar masallaci mu taka tabarma. Da ka cire takalmi bakin yana ƙarƙashin diddigenka. A wurin alwala yana shan ruwan ƙasa, da damina ya kwaso laka, da hunturu ya yi ja da ƙura. Ka ɗage shi zuwa idon sawu kuma, buɗewar ta tsaya tana lilo a sama babu abin da ta rufe. Wanda ya san wandonsa ba ya wuce idon sawu, kada ya ɓata kuɗinsa a wannan yanka ko an ba shi tsawonsa daidai.

Akwai masu kiran butkot da fantalo, kuma mai kayan ma haka ya haɗa su a magana. Ba ɗaya ba ne. Fantalo, irin wanda aka yi yayi a shekarun 1970, yana kama cinya da gwiwa sosai, sannan ya baje kamar ƙararrawa, ƙasa inci 22 zuwa 26 a kan gwiwa 16, har takalmi ya ɓace. Daga nesa ake gane shi. Butkot sai an lura. Duk abin da na faɗa kan rage tsawo ya fi tsanani a fantalo. Masu hawa mashin kuma su kiyaye, bakin fantalo yana sarƙe kik a ƙafar dama lokacin sauke ƙafa ƙasa.

Bujen shi ne ya ba ni mamaki, don ban sa masa rai ba. Cinya 27, gwiwa 24, ƙasa 24, faɗinsa tun daga ƙugu ya faro, ba daga gwiwa ba, wannan ne ya raba shi da fantalo duk da bakinsu na iya zama ɗaya. Mata sun riga mu saninsa da sunan falazo. Yadin mai laushi ne mai ɗan nauyi, shi ya sa yake zuba ya sauka a miƙe. Da yadi mai tauri ne da ya tsaya kamar buhu. A zafin Afrilu babu wanda ya kai shi daɗi cikin huɗun, iska na shiga, zaman tahiya ba ja ba matsi. Sharaɗinsa riga ta zama gajera ko a cusa ta ciki. Da doguwar riga mai faɗi a kansa, gajeren mutum sai ya koma kamar an danne shi.

Fensir ɗin kuma, cinya 24, gwiwa 16, ƙasa 13. Siffar tana da kyau, sama a sake, ƙasa a tsuke, kusan tunanin da ke cikin wandonmu na kamun-ƙafa ke nan. Yana fito da takalmi, yana kyau a idon sawu, shi ne ma ya fi dacewa da mai ɗage wando. Sai dai 13 ya yi kaɗan. Awon da ake mantawa shi ne zagayen da ya bi ta diddige ya hau saman ƙafa, don ta nan bakin wando zai wuce. Mai sa takalmi lamba 43 yana da wajen 13 zuwa 13 da rabi a nan. Roba da ke cikin yadin ce kawai ke sa ƙafa ta shige, da ja da kokawa, kuma naɗe shi sama don alwala wani aiki ne. Inci 14 da rabi da ya wadatar ba tare da siffar ta canja ba. Bayan wata guda gwiwar ta saki ta yi ƙulli, abin da yadi mai roba mara kyau ke yi ke nan, wanki ya ɗan mayar da ita, yini ɗaya ta sake fitowa.

Na ce ba ni da ƙorafi kan sitiret, to a wanki na uku na janye. Ɗinkin gefen ƙafar hagu ya fara juyowa gaba, yanzu a ƙasa yana kusan saman ƙafa, inci biyu daga inda ya kamata. Butkot ɗin ma haka, ƙafar hagu ita ma. Wannan yana faruwa ne idan an yanka yadi a karkace da zaren tsaye don a tsimi yadi, ko yadin jins ne da ba a daidaita shi daga masaƙa ba, ruwa ya taɓa shi ya koma inda zarensa ke ja. Guga ba ta maganinsa, tela ma ba ya iyawa. Kafin wanki yana da wuyar ganewa, amma wani lokaci yana nunawa: a riƙe wandon ta ƙugu ya rataya, a duba ko ɗinkin gefe ya sauka a miƙe, sannan a shimfiɗa a haɗa ɗinkin ciki da na gefe a bakin ƙasa a ga ko ƙafar ta kwanta ba murɗewa.

Wanduna biyu masu murɗewa daga hannu ɗaya ba tsautsayi ba ne. Buje zan sake saye a wurinsa, fensir sai in ya nuna min tef a kan bakin. Butkot kuwa na tura masa hoton awon 34 ɗin tun makon farko, ya buɗe saƙon, har yau bai ƙara cewa komai ba.