RabbitMQ, Kafka ko SQS: Wanne Zai Ɗauki Saƙonnin Odarku?

A ce mai saye ya danna maɓallin biya, oda mai lamba 4172 ta shiga. Sashen sito zai rage kaya, sashen kuɗi ya fitar da rasit, sashen jigila kuma ya shirya aikawa. Idan manhajar oda ce ke kiran su ɗaya bayan ɗaya, ranar da sashen kuɗi ya faɗi ciniki ya tsaya cak. Shi ya sa ake jefa saƙo guda, `order.created`, a layi, kowane sashe ya ɗauka a lokacinsa. Abin da ya fi raba manhajojin layin nan uku shi ne makomar saƙo bayan an karanta shi, kuma a nan nake so mai zaɓe ya fara dubawa.

A RabbitMQ saƙon yana shiga `exchange`, shi kuma ya kwafa shi zuwa duk layin da aka ɗaura masa. Dole kowane sashe ya samu layinsa. Kuskuren da sababbin hannu suka fi yi shi ne haɗa sassa uku a layi ɗaya, sai su riƙa rabon saƙonni a tsakaninsu: sito ya ga oda 4172, kuɗi bai gan ta ba. Alamar hakan ita ce kowane sashe yana ganin kusan kashi ɗaya cikin uku na ododi. Idan an tsara daidai, ko sashen kuɗi ya yi awa uku a kwance saƙonninsa na jiran sa. Amma da zarar ya aika `ack`, wato shaidar ya gama da saƙon, saƙon ya tafi ke nan.

Kafka ba ya share saƙo don an karanta shi. Yana rubuta shi a jere kamar littafin shiga da fita, ya riƙe shi kwana 7 idan ba a sauya saitin ba, kowane sashe kuma yana tuna `offset` ɗinsa, wato lambar inda ya tsaya. Amfanin wannan babba ne. A ce an gano sashen kuɗi ya yi kwana biyu yana lissafin haraji ba daidai ba. Sai a gyara shi, a mayar da `offset` baya, ya sake bin ododin tun daga ranar da matsalar ta fara. Sai dai jerin saƙonni yana tabbata ne a cikin `partition` ɗaya kawai, wato ɓangare ɗaya na littafin, don haka lambar oda ce za ta zama makullin saƙo, saƙonnin oda guda su faɗa ɓangare guda. In ba haka ba, `order.cancelled` na iya riga `order.created` isa, a aika kayan da mai su ya fasa. Wahalar Kafka kuma kula ce: yawanci sabar uku ake tsayarwa don amincin bayanai, kuma sai an samu wanda ya san aikin, duk da cewa sigar 4.0 ta 2025 ta rabu da ZooKeeper, manhajar da a da sai an tsayar da ita tare da shi.

Wanda ya riga ya zauna a AWS zai iya haɗa SNS, mai kwafa saƙo zuwa layuka, da layukan SQS uku, babu sabar da zai kula da ita, iya amfaninsa iya biyansa. Saƙo na zama kwana 4 idan mai karanta shi bai share shi ba, ana iya kai shi 14. A kula da `VisibilityTimeout`, lokacin da saƙo ke ɓoye bayan an ɗauke shi, wanda ke farawa a daƙiƙa 30: idan fitar da rasit ya ɗauki daƙiƙa 45, saƙon zai sake bayyana, wani ma'aikacin ya ɗauka. Layin da aka saba ba ya alkawarin jeri, sai an ɗauki na FIFO, inda saƙon da ya fara shiga shi ke fara fita.

Akwai abu biyu da babu ɗaya cikin ukun nan da zai ɗauke muku, kuma sun fi zaɓin kansa damuna. Na farko, saƙo zai zo sau biyu wata rana. Sashen kuɗi ya ajiye `event_id` na duk saƙon da ya gama da shi, ya tsallake maimaici, in ba haka ba a ciri kuɗin mutum sau biyu. Na biyu, manhajar oda na iya mutuwa bayan ta rubuta oda a rumbun bayanai, kafin ta aika saƙo. Maganinsa a rubuta saƙon a teburin `outbox` tare da odar a aiki guda, wani ƙaramin shiri ya riƙa kwashewa yana turawa.

Kasuwancin da ke karɓar oda 2,000 a rana, kowace da saƙo biyar, saƙo 10,000 yake aikawa, wato kusan ɗaya duk daƙiƙa tara. Kowanne cikin ukun zai ɗauki wannan ba tare da ya ji a jikinsa ba, saboda haka kada yawan saƙo ya rinjaye ku. A irin wannan girman ni RabbitMQ da layuka irin na `quorum`, masu ajiye kwafin saƙo a sabar da yawa, zan ɗauka, ko SNS da SQS in babu mai kula da sabar. Kafka kuwa sai idan kun tabbata za ku buƙaci sake karanta ododin baya, ko kuna shirin ƙara sassa da za su fara aiki daga tsofaffin saƙonni.