Rular sikeli mai gefe uku: abin da na gani bayan na yi aiki da ita

Aikina shi ne lissafin kayan gini daga zane, wato a ba ni takarda in fitar da yawan bulo, tayil da fenti kafin a sa hannu a aiki. Da rula irin ta 'yan makaranta da kalkuleta nake yi a da, sai na koma amfani da rular masu zanen gini, mai gefe uku, ta roba, tsawon santimita 30. Ta rage mini wahala ƙwarai, amma sai da na gane cewa abin da ke kan takarda kawai take faɗa. In takardar ta yi ƙarya, ita ma ƙaryar za ta maimaita maka.

Tawa tana da baki shida, kowanne da sikelinsa: 1:20, 1:25, 1:50, 1:75, 1:100 da 1:125. Ma'anar 1:50 ita ce duk abin da ka auna a takarda, a fili ya ninka haka sau 50. Mita ɗaya ta gini ta zama milimita 20 ke nan a takarda. A 1:100 kuwa milimita 10 ce, a 1:20 kuma milimita 50. Amfanin rular shi ne an riga an yi maka wannan ninkin. Lambobin da ke bakinta mitocin gini ne kai tsaye, ba santimitar takarda ba.

Ga misalin bangon ɗaki da ba a rubuta tsawonsa ba, a zanen da aka yi a 1:50. Sai ka juya rular zuwa bakin da aka rubuta 1:50, ka ɗora sifili daidai kan kusurwar bangon ta ciki. A lura, sifilin ba a ƙarshen robar yake ba, an ɗan shigo da shi ciki, don haka wanda ya fara daga ƙarshen rula ya riga ya kauce. Ɗaya kusurwar ta wuce lamba 3, ta tsaya a gaɓa ta shida cikin goma da ke tsakanin 3 da 4. Bangon mita 3.6 ne, shi ke nan. Da rular makaranta zan ga milimita 72, in ninka da 50, in samu 3600, sannan in mayar mita. Amsa ɗaya ce, sai dai in bango arba'in ne a gabanka, za ka san bambancin.

Inda take cizo shi ne wajen juyawa. Ka ajiye ta ka rubuta lamba, ka sake ɗauka, ta mirgina zuwa wani bakin ba ka sani ba. In ta faɗa kan 1:100, bangon nan zai nuna 7.2, kuma ido zai ƙi yarda. Amma in 1:75 ne, 5.4 za ka gani, ɗaki mai mita 5.4 kuwa ba abin mamaki ba ne, sai ya wuce cikin lissafi salin alin. Akwai kwari mai launi a tsakiyar kowace fuska, ja da kore da baƙi, yana taimakawa, amma kowane launi sikeli biyu yake ɗauke da su. Ni dai ina maƙala kilif na matse takardu a saman gefen da ke kallon sama, ya zama mariƙi, duk sanda na ɗauka bakin da nake so ne ke kan takarda. Ya kamata masu ƙera ta su yi tunanin wannan da kansu.

Babbar matsalar kuwa daga wajen buga zane take zuwa. A akwatin bayani da ke kusurwar takarda za ka ga an rubuta kamar `1:50 @ A1`. Wato sikelin ya tsaya ne kawai in an buga a takardar A1, mai milimita 594 da 841. In aka buga shi a A3, mai 297 da 420, komai ya ragu da rabi cif, amma rubutun 1:50 na nan bai canza ba. Bangonmu ya koma milimita 36, bakin 1:50 zai ce maka 1.8. Wannan mai sauƙi ne, juya zuwa 1:100 ka samu 3.6 ɗinka. In kuma a A2 aka buga, zanen ya koma wajen 1:71, babu bakin da ya dace da shi. Na 1:75 yana kusa har ya ruɗi mutum, amma 3.8 zai ba ka.

Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne in mai bugawa ya bar `Fit to page` maimakon `Actual size`. Firinta sai ta ɗan matse zanen don ya shiga cikin iyakarta. A ce ta rage shi zuwa kashi 96 cikin ɗari: bangon zai nuna wajen 3.46. Santimita 14 sun ɓace a bango ɗaya, kuma babu abin da zai yi maka alama. Shi ya sa kafin in auna komai, nakan nemi layi mafi tsawo da aka rubuta masa awo, in gwada rular a kansa. In an rubuta 10000, wato mita 10, rular kuma ta ce 9.6, to takardar ta matsu. Za a iya raba kowane awo da 0.96 a gyara, amma gara a sake bugawa. Dogon layi nake zaɓa saboda a faɗin ƙofa mai milimita 900, wanda milimita 18 ne kacal a takarda, ragin bai kai milimita ɗaya ba, ba za ka gan shi ba.

Ko takardar daidai take, rular na da iyaka. A 1:100, layi mai kaurin rabin milimita yana wakiltar santimita 5 a fili. Ka ɗora sifili a wajen layin ko a cikinsa, ka riga ka samu bambancin da ya wuce kaurin filasta. Don lissafin fenti ko bulo wannan ba komai, amma ba zan yanka katako ko in ba da odar taga da awon rula ba. Duk inda aka rubuta lamba, ita ake bi. Inda babu, kuma wurin na buƙatar daidaito, mai zanen ake tambaya.

Rashin 1:200 da 1:500 a tawa bai dame ni ba. Bakin 1:20 yana karanta 1:200 in ka ninka da goma, na 1:50 kuma 1:500.

Mai saye ya duba kada a ba shi ta inci. Siffarsu ɗaya, amma a bakin waccan 1/4 da 1/8 za ka gani, kuma kwatan inci a matsayin ƙafa ɗaya 1:48 ne, ba 1:50 ba. Ya kuma shafa lambobin da farce. Tawa bugawa aka yi a saman robar, ba sassaƙawa ba, har ƙananan gaɓoɓin bakin 1:50 sun fara dushewa inda yatsa ke yawan taɓawa. In zan sake saye, mai sassaƙaƙƙun lambobi zan nema, ko da ta fi wannan tsada.