Allura, ashana ko roba: wacce za ki ɗauka in kina tsoron rasa haihuwa?

A layin awo na asibitocin Gombe, magana uku ke hana mata tazarar haihuwa: wai tana kashe mahaifa, tana jawo sankara, tana sa ƙiba. Ta farkon ce ta fi ɗaga hankali, kuma yawanci daga allurar wata uku ta samo asali.

Allurar ba ta kashe mahaifa, sai dai maganin yana jimawa kafin ya bar jiki. Yawancin mata sukan ɗauki ciki wajen wata 10 bayan allurar ƙarshe, wasu har shekara ɗaya da rabi. Ɗaukewar al'ada kuma ba taruwar jini ba ce a mara, shimfiɗar cikin mahaifa ce ba ta yi kauri ba, don haka babu abin da zai zubo. Ashanar hannu, mai sanda ɗaya ta shekara 3 ko mai sanda biyu ta shekara 5, da robar mahaifa mai tagulla da ke kai shekara 10, ba su da wannan jinkiri. Ana cirewa, ciki na iya shiga a watan.

A ce ɗanki yana wata 6, kina son ciki in ya cika shekara 2. Wata 18 ke nan a gabanki. In allura kika ɗauka, ba ki da ikon tsayar da lokaci: kina iya dainawa da wuri ciki ya riga ki, ko ki kai ƙarshe ki yi ta jira dangin miji na ƙorafi. A ganinmu ashana ko roba ta fi miki, domin babu dole sai wa'adinsu ya cika kafin a cire. Amma ki san ashana kan rikita al'ada, roba kuma kan ƙara jini da ciwon mara a watannin farko. In kina da ciwon mara ko fitar ruwa mai wari, ki faɗa kafin a sa roba, domin ciwon sanyin da aka bari ba magani shi ke toshe hanyar ƙwai da gaske.

Ƙiba kuwa, allurar ce kawai ke da shaida mai ƙarfi, kusan kilo 1 zuwa 2 a shekara, kuma ba kowace mace ba. Ki hau sikeli ranar farko, a rubuta a katinki.

Maganar sankara kuwa, ƙwayar sha ta tazarar haihuwa mai sinadari biyu tana rage haɗarin sankarar ƙwan mace da ta cikin mahaifa. Tana ɗan ƙara na sankarar mama lokacin da ake shan ta, ƙarin kuma yakan gushe cikin shekara 10 da dainawa. Wadda ta taɓa yin sankarar mama ta nemi robar tagulla, wadda ba ta da sinadarin da ke taɓa mama.