Snapseed da Hoton Ɗakin Kaka: Yadda Na Fito da Fuskoki Daga Duhu

Duk wanda ke da hoton iyali da aka ɗauka cikin ɗaki ya fito da duhu, Snapseed na iya ceto shi, amma da sharaɗi: kada a ɗora wa Brightness, wato ɗaga hasken hoto gaba ɗaya, dukan aikin. Manhajar gyaran hoto ce ta waya, kyauta ce, babu talla a ciki. Kamfanin Nik Software ne ya fitar da ita a 2011, Google ya saye shi a 2012. Na jima ina amfani da ita, amma hoton da ya sa na san ƙarfinta da iyakarta shi ne wanda muka ɗauka da daren Sallah a ɗakin kakarmu.

An ɗauke wuta, fitilar caji guda ce rataye a bango ta hannun dama. Kawu yana zaune dab da ita cikin farar shadda, goshinsa na sheƙi. Kaka tana tsakiya a bakin gado, yara uku kuma suna can hagu a kan tabarma, idanunsu da haƙoransu kawai ake gani. Matsalar irin wannan hoto ke nan: ba duka ne ya yi duhu ba. Gefe guda ya riga ya ƙoshi da haske, ɗaya gefen ko ɗanɗana bai yi ba. Idan ka ɗaga hasken gaba ɗaya don yaran su fito, goshin Kawu da rigarsa su ne za su fara wankewa su koma fari fat.

Dalilin kuwa a fili yake. A hoton JPEG, irin wanda yawancin wayoyi ke ajiyewa, hasken kowane ɗigo yana tsakanin 0 da 255 ne. Wurin da ya kai 255 ya ƙare, babu saƙar shadda, babu layin fata, kuma ko ka rage haske daga baya toka-toka kawai za ka samu. Wurin duhu kuwa sau da yawa akwai abin da ya ɓuya a ciki. Shi ya sa tun kafin in taɓa komai nake buɗe Tune Image in taɓa alamar jadawalin haske da ke ƙasa. Hagunsa duhu ne, damansa haske. A hoton Kaka tudun ya taru a hagu, sai ɗan tsini can kusa da ƙarshen dama, wato Kawu da fitila. Aikina shi ne in turo tudun zuwa tsakiya ba tare da tsinin nan ya manne da bangon dama ba.

Na fara da Highlights, mai kula da wuraren haske, na saukar da shi zuwa -40. Hoton ya ƙara dushewa, amma aikin zaren da ke wuyan rigar Kawu ya bayyana, na kuma samu sararin da zan ɗaga sauran. Sannan na ɗaga Shadows, mai kula da wuraren duhu, zuwa +45. Nan ne yaran suka fito, har ana gane launin atamfar ƙaramarsu. Sai a ƙarshe na taɓa Brightness, shi ma +15 kawai. Ambiance, mai daidaita haske da launi, na tsaya a +10, domin idan ya yi yawa launuka kan yi kauri, fata ta koma kamar an shafa mata jan mai. Waɗannan lambobi na wannan hoton ne, naka zai nemi nasa, amma jerin nan na fara kare wurin haske kafin ɗaga duhu bai taɓa ba ni kunya ba.

Abin da na fi damuwa da shi, kuma na ga mutane da yawa suna faɗawa ciki, shi ne launin fata. Kaka baƙa ce, baƙi mai kyau. Da na gwada kai Shadows wajen +80, fuskarta ta fito sarai, amma ba ita ba ce: ta yi furu-furu kamar ta kwana cikin hunturu ba mai. Idan Shadows ya wuce kima yakan baje bambancin haske da inuwa da ke ba fuska siffarta. Ba a son fuskar baƙin mutum ta kai hasken bango ko na riga, ana son a ga ido, kumatu da murmushi ne kawai, launin ya zauna yadda Allah Ya yi shi. Na koma +45, na ƙara Contrast +8 don fuskar ta dawo da zurfinta. Fitilar caji tana ba da haske mai shuɗi-shuɗi, don haka na ƙara Warmth +10, fatar kowa ta yi ɗumi.

Sauran aikin na Selective ne, kuma a ganina saboda shi kaɗai ma manhajar ta cancanci zama a waya. Za ka ɗora ɗigo a kan fuska, ka matse ko ka buɗe yatsu biyu don daidaita faɗin wurin, jan launi zai nuna maka iya inda gyaran zai shafa. Yana bin launi da hasken wurin da ka taɓa, saboda haka ba ya malala sosai zuwa bango. Na sa ɗigo a fuskar Kaka na ba ta haske +20, na sa wa yaran +25, na sa ɗaya a goshin Kawu na rage -15. Da haka duk suka koma kamar fitila ɗaya ce ta haska su daidai. A kula da inda ake ɗora ɗigon: a sa shi a kumatu, kada a sa a ido ko a ɗankwali, in ba haka ba wani abin daban zai haskaka.

Akwai Portrait mai Face Spotlight, yana gano fuska da kansa ya haska ta. Ya yi wa Kaka kyau, amma a hoton taro da hasken fuskoki ya bambanta na fi son in bi su ɗaya bayan ɗaya. Skin Smoothing kuwa na mayar da shi 0, don ba na son a goge wa tsohuwa layukan fuskarta.

Iyakar aikin tana cikin hoton kansa. A duhu waya kan ƙara ƙarfin jin haske, wato ISO, wannan ke haifar da ɗige-ɗige kamar yashi, kuma da ka ɗaga inuwa za su fito fili. A sigar da ke wayata babu kayan share su, don haka na guji Structure da Sharpening masu kaifafa hoto, domin suna ƙara fito da yashin. Ɗaya daga cikin yaran ya motsa hannu lokacin ɗauka, hannun ya yi dishi-dishi, wannan babu abin da zai gyara shi. Gilashin fitilar ma ya riga ya kai 255, na bar shi fari.

Kafin ajiyewa, ka zuƙo hoton a kan kowace fuska, ka danna yatsa ka riƙe don ganin na asali, ka saki ka ga gyararren. Idan goshi ko karan hanci ya zama farin tabo mara fata a ciki, ka wuce gona da iri, shiga View edits ka rage. Kuma ka nemi asalin hoton daga wayar da ta ɗauka. Wanda aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto an matse shi, inuwarsa ta lalace, da ka ɗaga ta sai ta farfashe gida-gida. Ka ce a turo maka shi ta Document, sannan ka ajiye gyararren a matsayin kwafi, na asali ya zauna yadda yake.