Kwat mai lamba 40: R ko S?

Mutum mai kirji inci 40 da tsawon mita 1.70 ya shiga shago ya tarar da kwat biyu, ɗaya 40R ɗaya 40S. Lambar 40 awon kirji ce, ana zagaya tef ƙarƙashin hammata a kan riga mara kauri, a tsaya daidai ba a cika kirji da iska ba. Faɗin biyun ɗaya ne, harafin ne ya raba su.

R na matsakaicin tsawo ne, wajen mita 1.73 zuwa 1.83. S na wanda bai kai haka ba, jikin kwat ɗin da hannunsa sun fi na R gajarta da inci ɗaya ko fiye kaɗan. L na dogaye ne, babu ruwan mutuminmu da shi.

In ya saka 40R, hannun zai haɗiye na shat ɗinsa, maɓallin sama ya sauko kusa da cibiya, ƙafafunsa su ƙara gajarta a ido. 40S kuwa za ta rufe mazaunai ta tsaya nan, bakin hannun shat ya leƙo kamar rabin inci.

Ni dai S zan ba shi. Tela na iya rage hannu cikin sauƙi, amma rage jikin kwat yana ɓata zaman aljihu, kafaɗa kuwa gyaranta tsada gare shi. Sai fa in mai dogon hannu ne ko doguwar gangar jiki, nan R ta fi, ko da tsawonsa na S ne.