Smart kwantiragi ko mutum ya riƙe amana?

In mutum ne ya riƙe kuɗin ciniki yana iya jan ƙafa ko ya cinye, amma kana da wanda za ka kai ƙara, in an yi kuskure a zauna a gyara. Shi kuwa smart kwantiragi lambobin kwamfuta ne a kan tsarin kuɗin kirifto irin su Ethereum, sharaɗi na cika kuɗi su fita da kansu, ba roƙo ba alfarma. To matsalar, ko kuskure aka rubuta haka zai aiwatar. Dubi The DAO, wani asusun haɗakar zuba jari da aka gina da smart kwantiragi a 2016, kwantiragin yana tura kuɗi kafin ya rage balas ɗin mai cirewa, wani ya yi ta cira yana maimaitawa har ya kwashe ETH, wato kuɗin Ethereum, wajen miliyan 3.6. Sai da aka raba Ethereum gida biyu kafin a maido wa mutane kuɗinsu.