Shekara goma sha huɗu a asibitin ƙauye, maki biyu a takarda

A asibitin koyarwar da nake aiki a Ingila an saka ni cikin mutum uku da za su tace takardun masu neman aikin jinya a ɗakinmu na marasa lafiya manya. Ba a nuna mana sunan kowa ba, ba hoto, ba shekarun haihuwa, sai lamba kawai da abin da mutum ya rubuta. Ina cikin karatu sai na ci karo da wata da ta ce ta yi shekara 14 a wani ƙaramin asibiti a gabashin jihar Sakkwato. Gabana ya faɗi. Ban san ta ba, amma na san irin ɗakin da take aiki, na san fitilar caji da ake riƙewa da baki a nemi jijiya da dare.

Wasiƙarta irin tamu ce ta gida. Gaisuwa mai tsawo, sai roƙo cikin ƙasƙantar da kai, sai yabon asibitin da ta ce ya yi suna a duniya. Ta ce tana da haƙuri da biyayya da tsoron Allah, ta yi alkawarin ba za ta ba su kunya ba. Game da aikinta kuwa layi biyu ne: tana kula da marasa lafiya iri-iri, kuma saboda babu likita ita ke yin aikin likita. A sharuɗɗa shida, maki biyu ta samu a wurina, ni da nake neman inda zan ƙara mata. Wata yarinya da ta gama makaranta bara ta samu tara. Na yi tafiyar bas zuwa gida raina a ɓace.

Ga yadda abin yake. Kowace tallar aiki a NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnatin Birtaniya, tana zuwa da takardar siffofin wanda ake nema, an raba su biyu: na dole da na ƙarin armashi. Wasiƙar kuma yawanci ba daban ake aika ta ba, a cikin fom ake rubuta ta, a gurbin da aka sa wa suna supporting information. Mai tacewa yana riƙe da jerin nan yana bi ɗaya bayan ɗaya. A wurinmu, in ba ki taɓo sharaɗi ba sifili ne, in kin ce kin iya ɗaya ne, in kin kawo misalin da ya nuna kin yi biyu ne. Haƙuri da biyayya ba su cikin jerin. Kuma da yake Najeriya na cikin ƙasashen da aka hana asibitocin NHS zuwa zawarcin ma'aikatan lafiya, sai dai mutum ya nema da kansa, babu wakilin da zai yi miki bayani. Rubutun nan shi kaɗai ke magana a madadinki.

Sharaɗin da ya fi ba ni takaici shi ne na gane marar lafiyan da jikinsa ke rikicewa da ɗaukar mataki cikin gaggawa. Wa ya fi nas ɗin ƙauye sanin wannan? Duk wadda ta yi aiki a Sakkwato lokacin amai da gudawa na 2021 tana da misali a hannu. Da ta rubuta kamar haka:

“A damina ta 2021 an kawo mini magidanci mai nauyin kilo 50 da amai da gudawa, idanu sun faɗa, ba ya iya shan ruwa, bugun jijiyar hannu da ƙyar ake jin sa. Na gane rashin ruwa ne mai tsanani. Bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya da asibitinmu ke bi, na saka masa ƙarin ruwa na Ringer's lactate, lita ɗaya da rabi cikin minti 30, sauran lita uku da rabi cikin awa biyu da rabi. Ina duba bugun jijiya da numfashi duk bayan minti 15, ina sauraron ƙirji kada ruwa ya yi yawa, ina rubutawa. Na kira likitan babban asibitin ƙaramar hukuma na ba shi rahoto, na keɓe marar lafiyan, na sanar da jami'in sa ido kan cututtuka. Da ya fara iya sha na mayar da shi kan ruwan gishiri da sukari.”

Sakin layi ɗaya ke nan, amma ya taɓa sharuɗɗa uku: gane haɗari, hana yaɗuwar cuta, da ajiye bayani. Ku lura da “bisa ƙa'ida” da kuma “na kira likita”. Jimlarta ta cewa ita ke aikin likita, wadda a gida abin alfahari ce, ita ta tsorata abokiyar tacewata. Baturiyar ta ce, “Wannan ta san inda hurumin nas ya tsaya kuwa?” A nan nas ba ta rataya ruwa sai mai izinin rubuta magani ya rubuta. Ni kaina, da na saka allurar ruwa ba adadi a jijiyar yaran da suka bushe, sai da aka tsaya a kaina aka sa hannu kafin a yarda in taɓa hannun kowa. Ya yi mini ciwo ƙwarai. Amma na ga amfaninsa, domin a nan in aka yi kuskure ana iya bin sawunsa har a gano inda ya faro.

Sai giɓin da ba ya ɓoyuwa. Ba ta taɓa aiki da famfon ƙarin ruwa ba, ba ta rubuta bayanin marar lafiya a kwamfuta ba, kuma masu tacewa ma sun sani. Gara ta faɗa a jimla ɗaya, ta nuna ta karanta NEWS2, tsarin da ke haɗa numfashi, iskar jini, awon jini, bugun zuciya, zafin jiki da hayyaci ya ba da maki, inda biyar ke nufin a kira likita da sauri, bakwai kuma gaggawa. Abin da idonta ke yi ne tun tuni, an dai mayar da shi lamba. Ta kuma faɗi inda ta kai a rajistar NMC, hukumar da ke yi wa nas rajista a Birtaniya: ta ci jarrabawar Turanci, ta ci CBT, wato jarrabawar kwamfuta, saura OSCE, ta gwajin aiki da hannu. Tata wasiƙar ba ta ambaci ko ɗaya ba, ga shi sharaɗin dole ne.

Laifin ba nata ba ne ita kaɗai. An raine mu da cewa yabon kai jahilci, kuma a gida takardar neman aiki cika ƙa'ida ce kawai, aikin na wurin wanda ya san wani. Wa zai ɓata dare yana gyara rubutun da ba za a karanta ba? Sannan ba mu ajiye lissafin aikinmu. Na kira tsohuwar in-cajinmu na ce, “Anti, mutum nawa muke gani ranar kasuwa?” Ta yi dariya ta ce, “Ke 'yar nan, da yawa dai.” Alhali rajistar na nan cikin kabad, ƙura ta rufe ta. Wani lokacin ina kewar wannan dariyar fiye da furar Sakkwato, amma “da yawa” ba ya kawo maki. A buɗe rajista a ƙirga: gadaje nawa, mutum nawa a rana, ma'aikatan lafiya nawa ke ƙarƙashinki, kilomita nawa zuwa UDUTH, asibitin koyarwa na Sakkwato, in za a tura marar lafiya.

Ko an samu aikin, a mataki na biyar na albashi za a fara, daidai da yarinyar da ta gama bara. Kuma za a nemi shaidar aƙalla shekara uku na baya daga shugabanninki, an fi son ta fito daga imel na hukuma, abin da yawancin ƙananan asibitocinmu ba su da shi. Wadda ke da niyya ta je ofishin lafiya na ƙaramar hukuma tun yanzu ta nemi wanda zai amsa saƙon da takarda mai hatimi, domin na ga wadda aka riga aka ɗauka ta yi watanni tana jiran amsar imel ɗaya daga gida.